An ɗora min aikin mai sito, ya zan rubuta wa manaja neman ƙarin albashi?

Tambaya: Salam. Ni mataimakin akanta ne a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, albashina dubu 130. Wata huɗu kenan da mai kula da sitonmu ya ajiye aiki, manaja ya ce in riƙe masa kafin a samo wani, har yau shiru, ga nawa aikin ga nasa, wani lokaci har Asabar sai na fito. Na ji ance shi dubu 150 ake ba shi. Dan Allah ya zan tsara takardar neman ƙari, kuma nawa ya kamata in nema?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na daɗe ina aiki a ɓangaren kula da ma'aikata, irin wannan takardar ta sha biyowa ta teburina, kuma kafin mu zo kan yadda ake rubuta ta akwai abu ɗaya da ya fi damuna a maganarka, shi ne sito ne aka ba ka ba wani aikin takarda ba. Ranar da aka miƙa maka makulli, an ƙirga kaya a gabanka? An rubuta abin da ke ciki, kai ka sa hannu, wanda ya tafi ko manaja ya sa hannu? In amsar ita ce a'a to dan Allah ka dakata da maganar takardar tukuna.

Dalili kuwa, duk takardar da za ka rubuta dole ka ce "tun ranar kaza ni ke riƙe da sito", to wannan jimlar kamar yadda take hujjarka ta neman ƙari, haka kuma take zama shaida a kanka cewa duk abin da ya ɓace daga ranar kai ne da alhaki, har da wanda ya ɓace tun kafin ka karɓa in dai ba wata takarda da ta raba tsakani. Na ga wannan da idona a wani wuri da na yi aiki. Yaro ne mai gaskiya wallahi, ya karɓi sito da baki kawai, ya yi wata biyar, ya rubuta takardarsa mai kyau, sati uku bayan nan masu odit suka zo suka ƙirga aka samu giɓin katan-katan na man girki, kuma kowa a ofis ya san giɓin ya girmi zuwansa amma ba abin da za a nuna. Takardar tasa aka zaro daga fayil aka ce ga shi da hannunka ka rubuta kai ke kula da wurin. Har yau abin na min ciwo, domin da an ƙirga ranar farko da aikin yini ɗaya ne kawai. Saboda haka ka je wurin manaja ka nemi a yi ƙidayar kaya yanzu, da shi ko wanda ya wakilta, a gwada da abin da ke cikin littafin sito ko kwamfuta, duk bambancin da aka gani a rubuta a sa hannu da kwanan wata, ka riƙe kwafi. Ba zai goge wata huɗun da suka wuce ba amma ya ja layi, kuma kai ne ka nema da kanka, wanda yake da abin ɓoyewa ba ya neman a ƙirga.

Sannan akwai abin da kai da kake ofishin kuɗi ka sani, a ƙa'ida wanda ke shigar da lissafin kaya a littafi bai kamata ya zama shi ke riƙe da makullin kayan ba, masu odit ba sa son haka ko kaɗan domin mutum ɗaya ya zama shi ke fitarwa shi ke rubutawa. Wannan zai iya sa kamfani ba zai bar maka sito dindindin ba ko da kana yi da kyau. Shi ya sa tambaya ta biyu da za ka samo amsarta kafin ka ɗauki biro ita ce, wai da gaske neman wani ake yi ko an ga kana iyawa an yi shiru? Ka tambayi manaja kai tsaye cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, maganar sito nake son in ji inda aka kwana, za a kawo wani ne ko ni zan ci gaba?" Amsar da ya ba ka ita za ta nuna maka me za ka nema. In za a kawo wani, abin da ya dace ka nema alawus ne na riƙon ƙwarya, ana ba ka duk wata har ranar da ka miƙa makulli. In kuma kai za ka ci gaba, to ba alawus ba ne, gyaran albashi ne gaba ɗaya da sabuwar takarda da ta faɗi aikinka na yanzu. Mutane da yawa suna haɗa biyun nan su rubuta "ina neman a duba ni", sai manaja ya rasa me zai kai sama, takarda ta kwanta a durowa.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Alawus ya fi sauƙin samu domin kamfani ya san zai iya tsayar da shi gobe, amma ranar da aka kawo sabon mutum ka koma dubu 130 ɗinka. Ƙarin da ya shiga cikin ainihin albashi kuwa ya zauna, kuma in kamfaninku na biyan fansho yana taɓa wannan ma, domin dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ana cire masa kashi 8 cikin ɗari, kamfani ya ɗora kashi 10, ana lissafawa a kan tushen albashi da kuɗin gida da na mota. Kenan in aka ƙara maka dubu 45 duka a nan, za a cire maka 3,600 zuwa asusun fanshonka, kamfani ya ƙara 4,500 daga aljihunsa, ga haraji kuma. Na faɗi wannan ne saboda kar ka ga alat bai cika 45 ba ka ce an cuce ka, kuma ka san shi ma manaja wannan lissafin yake yi a ransa, ƙarin dubu 45 a wurinka ya kusa dubu 50 a wurinsu.

Yanzu maganar nawa. Kar ka nemi albashin mutumin duka, ba za a ba ka ba kuma zai sa a daina ɗaukar sauran maganarka da muhimmanci, tunda a gaskiya ba duk aikinsa kake yi ba, mutum ɗaya ba ya yin awa 16 a rana, wani abu an rage wani an ba yaran sito wani kuma an bar shi kawai. Ni hanya biyu nake bi in na zauna da mutum, sai in ga inda suka haɗu.

Ta farko ta lokaci. Albashinka dubu 130, in muka ɗauka kwana 22 kake aiki a wata, awa 8 kullum, awa 176 kenan, ka raba za ka ga awarka ɗaya tana kamawa kusan naira 740. To a ce sito yana cin maka ƙarin awa biyu kullum, ka zo da wuri saboda lodin motoci ka tashi a makare saboda rufe lissafi, awa 44 kenan a wata, ga Asabar biyu awa biyar-biyar, ya zama awa 54. Ka ninka da 740 ya ba ka kusan dubu 40. Wannan misali na ba ka, kai ne za ka sa naka adadin na gaskiya, kuma shawarata ka ɗauki sati biyu kana rubutawa a ɗan littafi, ƙarfe nawa ka zo, ƙarfe nawa ka tashi, mota nawa ka sallama, webil nawa ka rubuta. In kuna da rajistar sa hannu a geti ai ta ma hutar da kai.

Ta biyu ta nauyi. Ka zauna ka jera ayyukan mutumin ɗaya bayan ɗaya, karɓar kaya daga masu kawowa, fitar da kaya ga direbobi, littafin sito, ƙidayar ƙarshen wata, lura da kayan da kwanansu ya kusa ƙarewa, kula da leburori, sai ka ga wanne ne ya dawo kanka da gaske. In ka ga kamar kashi ɗaya cikin uku na nauyin kujerar kake ɗauke da shi a kan naka, kashi ɗaya cikin uku na dubu 150 dubu 50 ne. Kaga hanya ɗaya ta ce 40 ɗaya ta ce 50, to ni da ni ne 45 zan rubuta, in sa a raina cewa ƙasa da 35 sai an rage min aiki. Wannan ba wata doka ba ce, ra'ayina ne daga abin da na ga yana wucewa da abin da na ga ana mayarwa.

Wani abu kuma, daga 130 zuwa 175 in aka faɗe shi da kaso kusan kashi 35 cikin ɗari ne, kuma duk manajan da ya ji "ƙarin kashi 35" sai gabansa ya faɗi domin yana tunanin sauran ma'aikata in suka ji. Saboda haka kar ka rubuta shi da kaso, ka rubuta naira, ka jingina shi da kujerar da ba kowa a kai. Kuɗin kujerar nan an riga an ware shi a kasafin shekara, wata huɗu ba a biya kowa ba, dubu 600 kenan in abin da ka ji gaskiya ne. Amma fa kar ka sa albashin mutumin a takarda. Kai kana ofishin kuɗi, in ka rubuta adadin abu na farko da za a tambaya shi ne a ina ka gani, sai magana ta tashi daga ƙarin albashi ta koma ta leƙen takardun da ba a ba ka ba. Ka ce "kujerar ba kowa a kai tun watan kaza" ya isa, manaja ya fi ka sanin sauran.

Ga yadda zan tsara ta. Na rubuta da Hausa, in ofishinku da Turanci ake takardu sai ka juya ta, tsarin dai shi ne abin lura, kuma kar ta wuce shafi ɗaya. Na ɗauka amsar manaja ita ce ana neman wani amma ba rana, domin ita aka fi bayarwa.

"Zuwa ga Manaja,

Ranka ya daɗe,

NEMAN ALAWUS NA RIƘON SITO

Bayan gaisuwa. Tun ranar 3 ga watan Maris, bisa umarninka, nake riƙe da aikin sito tare da aikina na mataimakin akanta, bayan tafiyar mai kula da wurin.

Ayyukan da suka dawo hannuna su ne karɓar kaya da tantance su, fitar da kaya ga direbobi da rubuta webil, cike littafin sito kullum, da ƙidayar ƙarshen wata. Wannan yana ɗaukar kimanin awa biyu a kan lokacin aikina kullum, da Asabar biyu a wata. A tsawon wannan lokaci rahoton sito na kowane wata ya fita a kan kari, aikin ofishin kuɗi bai tsaya ba, kuma an yi ƙidayar kaya ranar 28 ga Yuni wadda na haɗa kwafinta a nan.

Bisa wannan nake neman a amince min da alawus na naira 45,000 duk wata, daga watan Maris da na karɓi aikin har zuwa ranar da za a naɗa mai kula da sito. Idan kuma kamfani ya ga ni zan ci gaba da riƙewa, ina neman a mayar da wannan adadi cikin albashina, a kuma ba ni takarda da ta bayyana aikina na yanzu.

Zan so a ba ni lokaci mu tattauna a cikin sati biyu masu zuwa. Na gode da amanar da aka ba ni."

Sai suna, muƙami, sa hannu da kwanan wata. Kwanakin da na sa na misali ne, kuma duk abin da ka san ba haka yake ba ka cire, in akwai watan da rahoto ya makara kar ka ce duk sun fita a kan kari, manaja ya sani, kuma ƙarya ɗaya ƙarama ta isa ta ɓata sauran gaskiyar.

Ka lura ban sa maganar tsadar abinci ko kuɗin haya ko makarantar yara ba. Na san shi ne abin da ya fi ci maka rai, kowa a ƙasar nan yana ji a jikinsa tun da aka cire tallafin mai a 2023, amma dai shi ne dalilin da bai kamata ya shiga ba, domin direba ma na da wannan hujjar, mai gadi ma haka, shi kansa manajan haka, in ya ba ka saboda tsadar rayuwa ya buɗe ƙofar da ba zai iya rufewa ba. Hujjar da kai kaɗai ke da ita ita ce kujera biyu kake kai. Haka ban sa "in ba haka ba zan ajiye aiki" ba. In ba ka da wata takardar ɗaukar aiki a hannu kar ka faɗa ko da wasa, in ma kana da ita ba a wannan takardar ake faɗa ba. Kuma kar ka taɓa wanda ya tafi, kar ka ce ka tarar da sito a hargitse ko ka fi shi iyawa, wataƙila manajan ne ya kawo shi.

Maganar bashin wata huɗun baya da na sa, da gangan na sa. Hakkinka ne ka nema tunda ka yi aikin, amma ka sani shi ne ya fi wuyar fitowa, 45 sau huɗu dubu 180 ne a dunƙule kuma kamfanoni ba sa son biyan abin da ya wuce. In aka zo tattaunawa aka ce za a fara daga wannan watan a bar na baya, ko a ba ka rabi, ni ina ganin ka karɓa in dai na gaba ya tabbata a rubuce. Gara ka saki na baya da ka saki adadin wata-wata.

Yadda ake miƙawa ma yana da nasa. Kar takarda ta zama ita ce farkon jin manaja, ka fara samunsa da baki lokacin da ba ya cikin hayaniya, ba ranar biyan albashi ba, ba ranar da mota ta lalace da kaya a hanya ba, ka ce masa kana son ka kawo buƙata a rubuce kan maganar sito. Sau da yawa shi ma ba shi ke da wuƙa da nama ba, sai ya kai wa mai kamfani ko babban ofis, to takardarka makami ce kake ba shi ya je ya yi maka faɗa da ita, shi ya sa nake ta cewa lambobi da kwanan wata. Kuma saboda haka ne ba na son ka tsallake shi ka tafi wurin Alhaji kai tsaye ko da kuna gaisawa a masallaci, za a dawo da maganar teburinsa ne kuma ya riga ya ji haushi. Ka buga kwafi biyu, a sa maka hannu ko hatimin an karɓa a kan ɗaya ka tafi da shi gida, ba durowar ofis ba. Saƙon wasaf ba ya maye gurbin wannan. In kamfaninku shekararsa daga Janairu zuwa Disamba take, ka yi ƙoƙari ta shiga kafin a rufe kasafin baɗi, in aka rufe amsar da za ka ji ita ce ba a sa a kasafi ba.

Ta ɓangaren doka kar in sa maka rai da abin da babu. Ba dokar da ta ce dole a ƙara maka albashi don an ƙara maka aiki, abin da doka ta tsayar shi ne mafi ƙarancin albashi, dubu 70 tun 2024, kai kuma ka wuce nan. Ka ma duba takardar ɗaukarka aiki, da wuya ka rasa layin nan da ke cewa za ka yi duk wani aikin da shugabanni suka ba ka, da shi kamfanoni ke kare kansu. Abin da ke gefenka shi ne dokar ƙwadago a sashe na 7 ta ce in sharuɗɗan aikin ma'aikaci suka canza a sanar da shi a rubuce cikin wata ɗaya, sashe na 13 kuma ya ce awannin da suka haura na ƙa'ida obataim ne, sai dai bai yanke nawa za a biya ba, ya bar wa yarjejeniya. Ka san wannan a ranka amma kar ka zuba sassan doka a takardar farko, da manaja ya ga haka zai ɗauka shirin kotu kake, sai ya daina magana da kai ya fara magana da lauya. In da a gwamnati kake da maganar daban ce, can albashi na bin mataki ne, shugabanka ba ya iya ƙara maka sisi, sai dai a nema maka naɗin riƙo a hukumance.

To in sati biyu suka wuce shiru, ka koma da baki ka tuna masa, in aka ƙara sati biyu ka rubuta 'yar gajeriyar tunatarwa mai ɗauke da kwanan watan ta farko. In aka ce "ka yi haƙuri zuwa sabuwar shekara" ka ce to ranka ya daɗe na amince, a ba ni a rubuce cewa daga Janairu ne kuma nawa ne, wanda ke da niyya ba ya jin nauyin rubuta layi biyu, in ka ga ana ta kewaye-kewaye ka gane ba niyya. In aka ce kamfani ba kuɗi sam, sai ka juya buƙatar, ka ce tunda haka ne a cire maka fitowar Asabar da ƙidayar ƙarshen wata a ba wani, ko a sa ranar da za ka miƙa makulli, kuma ko ba ko kwabo ka nemi takarda mai hatimin kamfani da ke cewa ka riƙe sito daga wata kaza zuwa wata kaza, domin duk inda ka je neman aiki gaba mutumin da ya san lissafi kuma ya taɓa riƙe sito ba a kujerar dubu 130 ake ajiye shi ba. In kuma Allah ya sa aka amince, kar ka tsaya a "an gama, za ka gani a alat", ka karɓi takardar amincewa da adadin da ranar farawa, ka tabbata kwafinta ya isa wurin mai haɗa albashi kafin ya rufe na watan, sannan ranar da za ka miƙa sito ga wanda aka kawo a sake ƙirga kayan nan kaf a gabanku ku biyu kafin makulli ya bar hannunka.